Yadda ake haɗa hoton bango da allon take na bidiyo ba tare da yaudarar mai kallo ba

Hoton bango shi ne ɗan hoton da mutum yake gani a YouTube ko Facebook kafin ya taɓa bidiyo. Idan wayarka da Faransanci take, kamar yadda yawancin wayoyinmu suke a Garoua da Maroua da N'Djamena, za ka ga an rubuta Miniature a wurinsa, idan kuma da Turanci take, Thumbnail. Allon take kuwa rubutun nan ne da yake fitowa a cikin bidiyon kansa, a daƙiƙun farko, yana faɗin abin da za a gani da inda aka ɗauka da kuma yaushe. Ni ina ɗaukar waɗannan biyun, tare da sunan da za ka rubuta wa bidiyon, a matsayin alkawari guda ɗaya da ka yi wa mai kallo. Shi ya sa ba na fara su sai an gama tace bidiyo tsaf, domin duk abin da zai hau bango daga cikin bidiyon zai fito.

Don kada bayanin ya tsaya a iska, za mu bi misali ɗaya har ƙarshe. A ce ka ɗauki bidiyo na minti tara a wani ƙauye kusa da Maroua, inda wani manomi ya zuba buhu 20 na albasa a rumbu a watan Afrilu, aka buɗe a watan Agusta, aka samu buhu 16 lafiyayyu, sauran kuma sun ruɓe ko sun motse. A cikin bidiyon ya nuna yadda ya shanya ta, da yadda ya ɗaga gadon kara sama da ƙasa don iska ta ratsa.

Kayan aiki

Kana buƙatar bidiyon da aka gama tacewa, ainihin fayil ɗin da ya fito daga manhajar haɗawa. Kada ka yi aiki da wanda ya bi ta WhatsApp, domin an riga an matse shi, hotonsa zai fito dishi-dishi. Sai manhajar rubutu a kan hoto: PixelLab ta wadatar a wayar Android, kuma tana aiki ko babu intanet, abin da yake da amfani sosai ga wanda yake lissafin data. Canva ma tana yi, amma tana son layi mai ƙarfi. Sai manhajar da ka haɗa bidiyon da ita, CapCut ko KineMaster ko InShot, don saka allon take. Sai madannin Gboard da aka ƙara masa Hausa, saboda haruffa masu ƙugiya. Na ƙarshe shi ne wata ƙaramar waya ta biyu, irin mai arha ɗin nan mai ɗan ƙaramin gilashi, ta ƙaninka ko ta maƙwabci, don gwaji.

Wani abu kuma da yake tsayar da sababbin shiga: YouTube ba ya barin ka ɗora hoton bango naka na kanka sai ka tabbatar da tasharka da lambar waya. Ana yin haka a youtube.com/verify. Ka zaɓi ƙasarka, ka sa lambar Orange ko MTN idan a Kamaru kake, Airtel ko Moov idan a Chadi, su turo maka lambobi ka shigar. Lamba ɗaya tasha biyu kawai take iya tabbatarwa a shekara, saboda haka kada ka riƙa ba da lambarka ga duk wanda ya roƙa.

1. Ka kalli bidiyon, ka rubuta alkawarinsa a jimla ɗaya

Zauna da takarda da biro ka kalli bidiyon daga farko har ƙarshe, kamar ba kai ka haɗa shi ba. Idan ya ƙare, rubuta jimla ɗaya da take amsa wannan: wanda ya kalli wannan har ƙarshe, me zai gani da idonsa, me zai koya? A misalinmu jimlar ita ce: "Za a ga yadda aka adana albasa wata huɗu a rumbu, buhu 16 cikin 20 suka tsira."

Ka lura da abin da babu a jimlar. Babu maganar cewa manomin ya yi arziki, domin bidiyon bai nuna cinikin ba. Babu cewa albasa ba ta ruɓewa, domin ta ruɓe, mun gani. Wannan jimla ita ce ma'auninka. Duk kalma ko hoton da za ka sa nan gaba, ka auna shi da ita, idan ya wuce ta ka ajiye shi. Yayin kallon kuma, ka riƙa rubuta mintin da wani abu mai ɗaukar ido ya bayyana, kamar 0:40 inda aka buɗe ƙofar rumbu, da 6:15 inda manomin ya ɗago albasa biyu a hannuwansa, lafiyayya da ruɓaɓɓiya.

2. Ciro hoton daga cikin bidiyon

Koma wa mintocin da ka rubuta. Tsayar da bidiyon, ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan har ka samu inda hannu bai girgiza ba, ido a buɗe yake, baki bai karkace a tsakiyar magana ba. A waya, kwantar da ita, ka cika gilashin da bidiyon, ka jira maɓallan su ɓace, sannan ka ɗauki hoton allo. A kwamfuta, VLC tana ciro hoton da cikakken girmansa idan ka danna Shift+S a Windows. Wanda yake da ffmpeg kuma, wannan layin ya isa:

```
ffmpeg -ss 00:06:15 -i albasa.mp4 -frames:v 1 bango.png
```

Ciro uku ko huɗu, ka jera su. Wanda zai yi nasara shi ne mai abu ɗaya babba a cikinsa, wanda ake ganewa ba tare da bayani ba. Hoton rumbu daga nesa yana da kyau a babban gilashi, amma idan ya ƙanƙance sai ya koma wani dunƙulen ruwan ƙasa. Na 6:15 ya fi shi nesa ba kusa ba: hannun dama riƙe da jar albasa mai sheƙi, ɓawonta a bushe, na hagu riƙe da wadda ta yi baƙi ta lotsa, fuskar manomin a tsakiya. Labarin bidiyon gaba ɗaya yana cikin wannan hoton, kuma duk wanda ya taɓa zai tarar da shi a ciki.

Idan duk hotunan sun fito a gurɓace saboda motsi, akwai mafita. Koma wurin ka ɗauki hoto a tsaye, da mutumin nan da kayan nan, da safe ko da la'asar lokacin da rana ba ta yi tsaye a ka ba. Wannan ba yaudara ba ce matuƙar abin da ka ɗauka yana cikin bidiyon. Daga yanzu ma ka mai da shi al'ada: duk ranar ɗauka, kafin a watse, ka ɗauki hotuna biyar a tsaye saboda bango.

Abin da ba a yi shi ne ɗauko hoto daga intanet. Na san jarabar tana da ƙarfi, domin tarin albasar wata ƙasa ya fi namu girma da kyan gani. Amma manomin Maroua zai gane daga irin buhun da irin ginin cewa ba nan ba ne, kuma daga ranar ya daina yarda da kai. A labarai abin ya fi muni. Duk damina, idan Logone ko Chari suka cika, sai ka ga an ɗauko hoton ambaliyar N'Djamena ta 2022 an manna a bangon bidiyon bana. Mai ɗan'uwa a Kousseri ko Yagoua yana gani hankalinsa ya tashi, ya kama kiran waya cikin dare, alhali ruwan da aka nuna masa na wata shekara ne.

Kafin ka sa fuskar mutum a bango, ka tambaye shi musamman a kan bangon. Yarda da a ɗauke shi bidiyo daban, yarda fuskarsa ta zama tallar bidiyon daban, domin bangon yana kaiwa ga dubban da ba za su taɓa buɗe bidiyon ba. Ni nakan nuna masa a waya in ce, "Baba, ga hoton da za a fara gani, ka amince?" Idan matar aure ce ko yaro, a nemi izininta da na gidan, ko na iyayen yaron. Idan ba a samu ba, hannuwan da albasar kaɗai sun isa.

3. Shirya filin aiki da gyaran hoto

Buɗe PixelLab ka sa girman hoton ya zama faɗi 1280, tsawo 720. Wannan shi ne tsarin 16:9 da YouTube yake so. Shigo da hoton, ka ja shi ya cika filin, amma ka ja ta kusurwa don kada fuskar mutum ta miƙe ko ta baje. Matsar da shi yadda manomin da albasarsa za su koma ɓangaren dama, a bar kusan kashi ɗaya cikin uku na hagu don rubutu.

Kusurwar ƙasa ta dama ba taka ba ce. A nan YouTube yake buga tsawon bidiyon, ɗan baƙin akwatin nan mai 9:04, kuma duk abin da ka sa a wurin zai rufe shi.

Gyaran launi yana da iyaka. Ƙara haske idan fuskar ta yi duhu, ƙara kaifi kaɗan, rage hasken baya don gaban ya fito. Amma kada ka ƙara ja har albasar ta zama abin da ba ita ba, kada kuma ka haskaka fatar mutum har danginsa su kasa gane shi. Gwajin mai sauƙi ne: ajiye bangon kusa da ainihin wurin a bidiyon. Idan sun yi kama da abu ɗaya da aka ɗauka rana ɗaya, ka tsaya daidai.

4. Rubutun da zai hau bango

A nan ne yawancin aikin yake, kuma a nan ne gaskiya ta fi saurin zamewa. Kalma uku zuwa biyar sun isa. Mutum yana jan gilashi da babban yatsa, ba zai tsaya karanta jimla ba.

Bari mu gwada wasu a kan misalinmu. "ALBASA BA TA RUƁEWA!" ƙarya ce kai tsaye, buhu huɗu sun tafi. "SIRRIN DA AKE ƁOYEWA" ba wanda ya ɓoye komai, manomin da bakinsa ya yi bayani. "YA ZAMA MILONIYA" bidiyon bai nuna ko dala ba. "Yadda ake adana albasa" gaskiya ce, amma ba ta da gishiri, kuma aikin sunan bidiyon ne. Wanda zan zaɓa shi ne "WATA 4 A RUMBU", a ƙasansa kuma da ƙaramin rubutu "16 cikin 20". Kowace kalma gaskiya ce, amma ta bar tambaya a zuciyar manomi ko ɗan kasuwa: yaya aka yi 16 suka tsira, me ya ci huɗun? Amsar tana cikin bidiyon. Irin wannan jan hankalin halal ne, domin ka ɓoye amsa ne kawai na ɗan lokaci, ba ka ƙirƙiri tambayar da ba ka da amsarta ba.

Kada rubutun bango ya maimaita sunan bidiyon, tunda tare ake ganinsu. Su raba aiki. Bango ya ɗauki sakamakon, suna ya ɗauki kalmomin da mutane suke nema: "Yadda ake adana albasa a rumbu har wata huɗu, Maroua". YouTube yana karɓar harafi 100 a suna, amma a waya ƙarshen yakan yanke, don haka muhimman kalmomi su zo a gaba.

Sai batun harshe, wanda mu nan ya shafe mu fiye da 'yan'uwanmu na Kano. Masu kallonmu wasu Hausa suke ji, wasu Fulatanci, wasu Larabcin Chadi, wasu Faransanci. Ka rubuta bangon da harshen da ake magana da shi a cikin bidiyon. Idan ka rubuta da Faransanci alhali hirar da Hausa ce, mutumin Yaoundé zai shigo, ya ji ba ya fahimta, ya fita cikin daƙiƙa goma. Wannan ma saɓa alkawari ne, ko da ba ka yi niyya ba. Idan ka sa fassarar Faransanci a ƙasan bidiyon, to ka faɗa a sunan. Lambobi kuwa kowa yana karantawa, shi ya sa "4" da "16" suka fi "huɗu" da "goma sha shida" aiki a bango.

Haruffa masu ƙugiya suna da nasu tarkon. Yawancin salon rubutu masu kauri da suke zuwa da manhajoji ba su da ƙ da ɗ da ɓ, balle manyansu Ƙ, Ɗ, Ɓ. Za ka rubuta kalma, sai harafin ya fito a matsayin ɗan akwati, ko ya fito siriri a tsakiyar masu kauri saboda wayar ta aro shi daga wani salon. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "Ƙaƙa ɗaya Ɓera" da shi ka duba da kyau. Noto Sans da Andika duk suna da waɗannan haruffan, har da ŋ da ƴ na Fulatanci, kuma kyauta ne. Sauke mai kaurin, ka shigar da shi cikin PixelLab sau ɗaya, shi ke nan. Idan ba ka samu ba, ka canza kalmar da wata marar ƙugiya maimakon ka cire ƙugiyar, tunda kowa ya san "ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne.

Launin rubutu ya zama fari ko rawaya, da baƙin zagaye a gefen haruffan, ko kuma a ɗora shi a kan baƙin faifai. Salo ɗaya, launi biyu. Tsayin babban layin ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsayin hoton. Jan da'ira da kibiya ba laifi idan suna nuna abin da yake da muhimmanci a bidiyon, amma a misalinmu ba a bukatarsu, albasar tana nuna kanta.

5. Gwaji a ƙaramar waya

Adana hoton a matsayin JPG, nauyinsa ya tsaya ƙasa da 2 MB. Tura shi zuwa ƙaramar wayar nan, ka buɗe ma'ajiyar hotuna inda suke fitowa ƙanana a jere, ka fita tsakar gida cikin rana ka duba. Idan sai ka runtse ido kafin ka karanta, rage kalmomi ka ƙara girma.

Daga nan miƙa wa wanda bai ga bidiyon ba, ya kalla daƙiƙa biyu, ka karɓe wayar ka tambaye shi: "Yaya, me kake tsammanin za ka gani a ciki?" Kada ka taimaka masa. Idan ya ce, "Albasa ce aka ajiye wata huɗu, wata ta lalace wata ba ta lalace ba," amsarsa ta yi daidai da jimlarka ta mataki na ɗaya, ka gama. Idan ya ce, "Maganin da ke hana albasa ruɓewa za a sayar," to bangon yana faɗin abin da ba ka nufa ba, koma ka gyara.

6. Allon take a cikin bidiyon

Mutane da yawa suna raina wannan, alhali a yankinmu ya kusan fin bangon muhimmanci. Bidiyo a nan ba ya zama a YouTube. Wani zai sauke shi, ya tura a WhatsApp, wani ya karɓa ta Xender a tasha ko a shagon cajin waya. A wannan tafiyar sunan bidiyon ya faɗi, bangon ya faɗi, bayanin ƙasa ya faɗi. Abin da aka rubuta a jikin bidiyon ne kaɗai yake bin sa duk inda ya je. Saboda haka allon take ya ɗauki abu huɗu: batun, wurin, wata da shekara, da sunan tasharka. A misalinmu layin sama "Adana albasa a rumbu", layin ƙasa "Kusa da Maroua, Agusta" tare da shekarar da aka ɗauka a lambobi, sai sunan tasha ƙarami a gefe. Da wannan kwanan watan, ba wanda zai ɗauko bidiyonka bayan shekara uku ya ce na jiya ne ba tare da an kama shi ba. Idan batun farashi ne, wannan ya zama dole, domin kuɗin buhu a Afrilu da na Agusta ba su haɗu ba.

Kada ka fara da baƙin allo. WhatsApp galibi hoton farkon bidiyo yake nunawa, kuma baƙin akwati ba mai taɓa shi. Kada kuma ka fara da tambarin tasha yana juyawa daƙiƙa goma sha biyar da kiɗa, mai data ta awa ɗaya ba zai jira ba. Ga yadda nake jerawa. Daƙiƙa biyar na farko, yanko wurin nan na 6:15, manomin yana ɗago albasa biyun, don wanda ya taɓa saboda bangon ya ga nan take bai yi ɓatan hanya ba. Sannan rubutun allon take ya hau a kan hoton rumbun yana motsi, ya zauna daƙiƙa uku zuwa huɗu. Ma'aunin shi ne ka iya karanta shi a bayyane sau biyu ba gaggawa. Daga nan a shiga labari.

Yi amfani da salon rubutu da launin da ka sa a bango, don a gane gida ɗaya suka fito. Bar tazara ta kusan kashi ɗaya cikin goma daga kowane gefe, saboda wasu manhajojin suna yanke baki. Idan bayan rubutun yana da haske, sa ɗan baƙin faifai mai shara-shara a ƙarƙashinsa. Idan kuma za ka yanko gajeren bidiyo na tsaye, mai 1080 da 1920, rubutun ya dawo tsakiya, domin ƙasa da gefen dama maɓallai ne suke cinye su.

7. Ɗorawa, da karanta abin da ya biyo baya

A manhajar YouTube Studio, buɗe bidiyon, taɓa alamar fensir, ka ɗora hoton a wurin bango. A Facebook ma akwai wurin canza bango lokacin ɗora bidiyo a shafi. Idan ba ka samu tabbatar da lambar waya ba tukuna, YouTube yana ba ka hotuna uku da ya ciro da kansa, zaɓi wanda ya fi kusa da jimlarka.

Bayan kwana biyu ko uku, shiga ɓangaren alƙaluma ka duba abu biyu tare. Na farko, cikin mutum ɗari da aka nuna wa bangon, nawa suka taɓa. YouTube da kansa ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari, don haka kada kashi 5 ya karya maka gwiwa. Na biyu, zanen da yake nuna inda masu kallo suke ficewa. Idan masu taɓawa suna da yawa amma layin ya faɗi ƙasa warwas a cikin daƙiƙa talatin na farko, bangon ya yi alkawarin da farkon bidiyon bai cika ba. Gyara rubutun bangon ya sauko daidai da abin da yake ciki. Idan masu taɓawa kaɗan ne amma waɗanda suka shiga suna zama har minti na shida ko na bakwai, bidiyon lafiya lau yake, bangon ne bai fito ba, sai ka gwada hoto mafi kusa ko rubutu mafi girma. Canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, ka ba shi kwanaki, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Mai kwamfuta yana iya amfani da Test & Compare a YouTube Studio, inda ake ɗora bango har uku a gwada su, kuma da tsawon kallo yake auna wanda ya ci.

Ka kuma san cewa dokokin YouTube sun hana bango mai yaudara, da mai tsiraici, da mai nuna jini don firgitarwa. Suna iya cire hoton, karon farko galibi gargaɗi ne, bayan haka sai horo, kuma horo uku cikin kwana 90 yana kai ga rufe tasha. Idan wata rana ka sake tace bidiyon ka cire wurin da bangon ya fito, to ka canza bangon da allon take a ranar, ka sake gwada su da mutumin da bai ga sabon ba.